Akuyar Rijiya

Kumandan, Nasaran da ke mulki a Damagaram, ya ba mai gari Sallau rabin kuɗin ginar rijiya, ya ce sauran sai ya ga inda aiki ya kai da yadda aka kashe na farko. Da kuɗin suka ƙare, Sallau ya zo Damagaram wurin Inusa tafinta, don ya rubuta masa takardar roƙo.

"Rubuta mun kai zurfin gaba tara, ƙasa ta fara danshi, saura kaɗan. Kuɗi sun tafi ga ladan magina, igiya, hatsi, da akuyar da muka yi sadaka ranar farawa."

Inusa ya ajiye alƙalami. "Baba, Nasara ba ya biyan sadaka."

"To sai a sa diga a ƙasa ba sadaka? Ƙarya kuwa ba za ka rubuta da sunana ba!"

"Wa ya ci naman?"

"Maginan mana."

"Ashe abincin magina ne," in ji Inusa, ya rubuta haka.

Kumandan ya aika aka auna zurfin, sannan ya saki sauran kuɗin. Ranar da ruwa ya ɓullo, Sallau ya sayo rago, ya ce magina sun sake jin yunwa.