Kwalba Mai Farin Gari

A shekarar 1987, wadda a cikinta aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, akwai wani ɗan asibiti a Dutsin-Ma mai gado ashirin da huɗu da likita guda, wata mace da ake kira Likita Salomi. Ɗakin gwajin jininsa yana hannun Malam Gidiyon, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya shekara goma sha huɗu a kan benci ɗaya, wato teburin gwaji. Duk mai ciwon sukari daga Makera zuwa Dabawa ya san ƙofarsa. Ya ɗebi jini a jijiya, ya juya shi a inji har ruwan ya rabu da jajayen ƙwayoyi, ya zuba magani, ya dafa, ya auna launi. Mutum ya zo da hantsi, sai bayan azahar ya ji sakamako, kuma ya tafi yana godiya.

Da damina ta tsaya, likita ta dawo daga wani taro da wata na'ura da ba ta fi ƙaramar rediyo ba. A soki yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken takarda, a jira minti ɗaya, a goge, a sa a ciki, lamba ta fito. Ba ta ba Gidiyon ba. Ta ba Malam Audi, jami'in lafiya na ɗakin shan maganin da asibitin yake kula da shi a Kurfi, domin can ne babu ɗakin gwaji.

Kafin wata biyu, labari ya zagaye ƙauyuka. Alhaji Garba na Dabawa, wanda kowace sallah yake aiko wa Gidiyon da zabi biyu, ya wuce ta ƙofar asibitin a mota bai tsaya ba.

"Ina Alhaji za shi?" Gidiyon ya tambayi maigadi.

"Kurfi, wajen agogon Malam Audi. An ce kafin ka gama gaisuwa ya faɗa maka abin da ke jininka."

Gidiyon ya koma ciki ya goge bencin da ya riga ya goge. Shi ne ya koya wa Audi riƙon sirinji shekara tara da suka wuce. A gida matarsa Roda ta dube shi yana juya tuwo a kwano bai ci ba.

"Baban Kefas, zabi biyu ne suka hana ka cin abinci? In saya maka gobe."

"Ba zancen zabi ba ne. Zancen ilimi ne."

"To, ilimin ya ci tuwo mana."

Abin da ya fi ƙona masa rai ya zo a makon da ya biyo. Likita ta ce magungunan gwajin sukari suna wuyar samu. Idan na'urar ta tabbata, za ta kawo wata Dutsin-Ma, a rufe wannan sashe na bencinsa. Amma kafin ta yanke, tana son a gwada su tsawon mako shida: duk wanda Audi ya auna, ya ɗebi jininsa a kwalba ya aiko, a jera lambobin biyu a littafi.

A aljihun teburin Gidiyon akwai kwalabe iri biyu. Wasu wayam suke. Wasu kuwa akwai ɗan farin gari a gindinsu, wanda aikinsa shi ne ya hana ƙwayoyin jini cinye sukarin da ke tare da su. Domin jini ko a kwalba yana da rai, kuma kowace awa yakan ci kusan kashi shida cikin ɗari na sukarinsa, balle ga zafi. Gidiyon ya san wannan kamar sunansa. Ya san kuma cewa Ummaru direba, wanda zai riƙa kawo saƙon, ba ya tashi daga Kurfi sai motarsa ta cika. Ya tsaya jim da aljihun a buɗe, sannan ya ɗebi kwalabe wayam ya naɗe a takarda. Bai yi ƙarya ba, ya ce wa ransa; ba a tambaye shi ba ne kawai.

Lambobi suka fara taruwa. Inda Audi ya rubuta ɗari biyu, Gidiyon ya sami ɗari da sittin da 'yan kai. Inda ya rubuta ɗari da hamsin, shi ya sami ɗari da ashirin. Ya ja wa kowane bambanci jan layi, ya kai wa likita a ƙarshen mako na huɗu.

Ta daɗe tana duba shafin.

"Malam Gidiyon, na'urar tana auna jini gaba ɗayansa, kai kana auna ruwansa. Ruwan ya fi riƙe sukari. Kamata ya yi lambarka ta ɗara tasa da kamar kashi ɗaya cikin goma. Ga shi kullum kai ne a ƙasa, da kashi ɗaya cikin biyar."

"Shi ya sa na ce na'urar tana ƙari, Likita."

"Ko kuma magungunanka sun tsufa." Ta rufe littafin. "Mu ga mako biyun da suka rage."

Ya fita. Ya shirya littafin don ya kayar da Audi, ga shi shi ne littafin yake tuhuma.

Ranar Talata ta mako na biyar, motar Ummaru ta cika da wuri, ya iso da ƙarfe goma sha ɗaya. Kwalabe biyu ne, duka na mace ɗaya, da takarda da hannun Audi: "Larai, daga Wurma. Tana shan ƙwayar sukari wata takwas. Ta zo da zufa da ɗimuwa, ba ta gane 'yarta sosai. Na auna da ƙarfe tara, saba'in da huɗu, sukari lafiya. Ina zaton zazzaɓi ne, na kwantar da ita. Idonta ya yi fari, a duba mini yawan jini."

Ya fara da yawan jinin, don ya fi sauri. Jajayen ƙwayoyi kashi goma sha bakwai cikin ɗari. Ko rabin na mai lafiya bai kai ba. Sai ya tuna wani abu. Takardar da ke cikin kwalin na'urar, wadda ya karanta sau uku yana neman aibi, ta faɗa: idan jini ya tsinke haka, ruwansa yakan jiƙa tsinken fiye da kima, lamba ta haura gaskiya. Ya ɗora gwajin sukari bai jira sauran aiki ba. Talatin da takwas.

Ya shiga ofis ba sallama.

"Likita, matar nan sukarinta ya faɗi. A tafi Kurfi yanzu."

Ta karanta takardar Audi, ta dubi tasa. Marasa lafiya kusan talatin suna jiranta a baranda, motar asibiti kuma guda ce.

"Mako huɗu lambarka tana ƙasa da tasa, ban san dalili ba. Yau ma tana ƙasa. Me zai sa in bar mutanen nan saboda ita?"

"Yau daban ce."

"Da me?"

Ya dubi littafin mai jajayen layuka a kan teburinta. Idan ya yi shiru, bencinsa yana da sauran mako guda na fata. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalba mai farin gari, ya ajiye a gabanta.

"Wannan ya kamata in ba Audi. Ina da su fiye da ɗari. Na ba shi wayam, na kuma san jinin yana awa biyar a motar Ummaru. Injina lafiya yake, magungunana lafiya suke. Ni ne."

Likita ta ɗauki kwalbar tana juya ta, shi kuwa ya ci gaba.

"Amma na yau awa biyu kawai ya yi. Ko an mayar masa da abin da hanya ta ci, bai wuce arba'in da biyar ba. Kuma jininta sha bakwai ne. Na'urar ba za ta faɗi gaskiya a kanta ba."

Ta miƙe, ta ɗauki jakarta da kwalaben ruwan sukari na allura.

"Shiga mota. Maganarmu tana nan."

Suka isa Kurfi ana kiran azahar. Larai tana kwance a kan gadon duba marasa lafiya, rigarta sharkaf, 'yarta Rahamatu tana yi mata fifita. Rahamatu ta ce tun safe kunu cokali uku kawai ta iya ba ta. Kwana biyu ke nan ba ta cin abinci, amma ba ta fasa ƙwayar ba, don Malam Audi ya ce kada a tsallake. Gidiyon ya ɗebi jini a kwalba mai gari, likita ta sa allura a jijiya ta tura a hankali. Kafin sirinji na biyu ya ƙare, Larai ta buɗe ido ta dubi 'yarta.

"Ke Rahamatu, wa kika bar wa awaki?"

Audi ya zauna a bakin benci, na'urar a cinyarsa.

"Saba'in da huɗu ta ce, Likita. Sau biyu na auna."

"Na yarda. Idan mutum yana ɗari biyu ta ce ɗari biyu da ashirin, ba abin da ya sauya, magani ɗaya ne. Amma a ƙasa, tazarar talatin ita ce tsakanin barci da suma. Daga yau mai shan ƙwaya ya zo da zufa da ɗimuwa, ka ba shi sukari tukuna, ko me na'urar ta ce. Mai farin ido kuma, kada ka yarda da ita a kansa."

Suka ɗauko Larai zuwa Dutsin-Ma, domin irin ƙwayar nan takan kwana a jiki ta sake kayar da mutum. Jinin kwalba mai gari ya ba da arba'in da ɗaya.

Washegari likita ta yage shafukan jajayen layuka a gaban Gidiyon. Ba ta rufe bencin ba. Duk wanda za a fara ce masa yana da ciwon, da duk mai ƙarancin jini, da duk lambar da ta yi ƙasa ko ta ƙi dacewa da yadda mutum yake, ɗakin gwaji ne zai tabbatar. Sauran bibiya ta yau da kullum ta Audi ce. Takardar gargaɗi kuwa ta shiga fayil ɗin Gidiyon, kuma kowace Litinin shi da kansa zai kai kwalabe Kurfi a babur.

Litinin ta farko ya tarar da layi har waje. A kan gaba Alhaji Garba ne, ya miƙa yatsa yana dariya, a gefen ƙafarsa zabi biyu a ɗaure, na Malam Audi.

"A'a, Malam Gidiyon! Kai ma awon ka zo?"

"Saƙo na kawo, Alhaji."

Ya ajiye kwalin kwalaben a teburin Audi, ya nuna masa garin da ke gindin kwalba, ya ce a girgiza sau biyar bayan an zuba jini. Bai dubi zabin ba. Sai da ya hau babur ya tuna cewa ɗaya daga cikinsu fara ce, irin wadda Roda ta fi so.