Takardar da Na Sa Nazira Ta Rubuta

Ni na sa Nazira ta bar aikinta. Ita ce babbar ɗiyata, ungozoma a ƙaramar likitar da wata ƙungiyar agaji ta buɗe a ƙauyen Assaga. Shekara huɗu tana can, har sun ba ta kontira, wato yarjejeniyar aiki, marar wa'adi. Wata Laraba, ita da abokan aikinta suna komowa gida Diffa, aka yi harbi kusa da hanya. Ba wanda ya ji ciwo, amma ta shigo gida hijabinta duk ƙasa, don sun kwanta cikin wani rami. Da safe na ajiye mata takarda da biro, na ce ta rubuta ta bar aiki.

"Baba, a bar ni in yi tunani," ta ce.

"Na yi miki tunanin," na ce.

Ta rubuta, ta sa hannu. Ni na raka ta har ofishinsu, aka buga hatimi a kan kwafinmu da ranar da aka karɓa. Suka ce sai ta ƙara wata guda tana aiki kafin ta tafi, haka doka take.

Cikin watan nan Nazira ba ta yi mini musu ba ko sau ɗaya. Tana gaishe ni, ta kawo mini ruwa, ta wuce. Amma tuwo ya daina shiga cikinta. Uwarta Biba ta ce mini, "Malam, ka duba wuyan yarinyar nan." Sai ranar Lahadi wata mata, Yakaka, ta zo daga Assaga da jariri a goye da kaza a hannu. Cikin Hausarta ta Barebari ta ce Nazira ce ta karɓi haihuwar, yaron ya fito bai numfashi, ta yi ta fama har ya yi kuka. Ta ce sun ji za ta tafi, wa ya kore ta? Nazira ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Saura kwana biyar watan ya cika.

Ranar Litinin na bar tattasaina a shanye bakin kogin Komadugu, na nufi ofishin. Mai kula da ma'aikata, Malam Grema, ya ba ni kujera.

"Na zo karɓar takardar nan," na ce. "Mun fasa."

"Wace takarda, Baba?"

"Ta barin aiki. Ku ciro ta daga cikin dosiyen takardunta ku ba ni, shi ke nan kamar ba a yi ba."

Ya yi murmushi, ba na raini ba. "Ko na ba ka, Baba Mahamadu, an riga an rubuta ta a rajista, an aika Yamai. Kuma ba kai ke mana aiki ba. In tana son janyewa, ita za ta rubuto da hannunta."

"In ta rubuto, kun karɓa?"

"Za mu karɓi takardar. Amsa kuma ta shugaba ce."

Ban gane bambancin ba sai da na fito. Na tsaya bakin ƙofa. Wani direbansu ya ce in je wurin sufeton aiki na gwamnati, ba a biyan ko dala.

Sufeton, Abdoul Razak, mutumin Dosso ne, Hausarsa a hankali. Ya karanta kwafin sau biyu.

"Takardar a fili take," ya ce. "Ta ce ta bar aiki, ta sa rana, ta sa hannu. Tun da ta shiga hannunsu, ba ta janyuwa sai da yardarsu."

"To ai wa'adin bai cika ba, har yau tana zuwa aiki."

"Watan nan na sallama ne. Bai ba ta ikon fasawa ita kaɗai ba."

"Babu wata hanya?"

"Akwai, in ba da son ranta ta rubuta ba. Misali shugabanta ya tsare ta a ofis ya ce ko ta rubuta ko ya kira mata jandarma. Ko ta rubuta cikin fushi, washegari ta komo ta ce ta fasa. Wannan alƙali na iya dubawa."

Na miƙe tsaye don murna. "Ai tilas aka yi mata! Ni na tilasta ta!"

"Ka doke ta? Ka ce za ka kore ta daga gida?"

"Subhanallahi. Cewa na yi ta rubuta."

"Zauna, Malam. Ɗiya ta ji nauyin ubanta, wannan kaɗai doka ba ta kiransa tilas. Ga shi kuma an yi sati uku ba ta ce komai ba." Ya miƙo mini kwafin. "Ta rubuta yau, ta roƙe su. In sun yarda, a sa a rubuce. In sun ƙi, ba ni da abin da zan kama su da shi."

Da Nazira ta komo da la'asar na kira ta ƙarƙashin itacen bedi. Ban iya irin wannan magana ba. Na ce, "Na yi kuskure. In kina so, ki rubuta ki janye."

"In ina so, ko in kana so, Baba?"

Biba ta ce, "Ke, ubanki ne fa."

"Bar ta," na ce. "In kina so."

Ta shiga ɗaki ta rubuta. Layi shida ne. Ta karanta mini da Hausa: tana roƙon a ba ta izinin janye takardarta, ta rubuta ta ne bayan tsoron da aka sha a hanya, tana son ci gaba da aikinta a Assaga. Ba ta ambaci sunana ba. Talata da safe ta kai, aka buga hatimi.

Laraba shiru. Alhamis na je gona, na kasa tsinkar komai, wayata a hannu. Juma'a, ranar ƙarshe, aka ce ta zo ƙarfe goma. Na bi ta. Shugabar, Madam Khadija, ta ce in shigo tunda na zo.

"Nazira, ba mu da wani kuka da aikinki," ta ce. "Amma mun ba wata wurin. Ta sa hannu tun makon jiya, ta bar nata aikin a garin Mainé saboda mu. Ba zan ce mata ta koma ba."

"Madam," na ce, "laifina ne. Yarinyar ba ta so ba."

"Na sani, Baba. Kowa ya sani. Da a satin farko kuka zo, da na yaga takardar."

Nazira ba ta yi kuka ba. Hannunta kawai na gani yana murza bakin hijabi.

Madam Khadija ta jawo wata takarda. "Muna neman ungozoma a N'Guelbély, ba wadda ta nema. Sabuwar kontira ce, ta shekara guda, da lokacin gwaji. Shekarunki huɗu ba za su bi ki ba, daga farko za a soma lissafi. Kuma can za ki zauna, ba a zuwa a komo." Ta dubi Nazira, sannan ta dube ni. "Ba na son wata takarda bayan wata biyu."

N'Guelbély. Bayan Mainé, cikin rairayi, inda waya ma sai an hau tudu. Assaga da nake tsoro, ko ba komai kullum ina ganin shigowarta gida. Bakina ya buɗe zai ce a ba mu lokaci mu yi shawara. Sai na ga Nazira ta juyo tana jiran abin da zan ce, kamar ranar da na ajiye mata biro.

"Ba ni ke muku aiki ba, Madam," na ce. "Ku tambaye ta."

Nazira ta ce, "Ina so."

Ta sa hannu a gabana. Da muka fito ta ce za ta bi motar rana zuwa Assaga, ta miƙa wa sabuwar ungozomar rajistar masu ciki, ta yi wa su Yakaka sallama. Na tsaya bakin titi har motar ta ɓace. Daga nan na wuce kasuwa neman katifa da jarka biyu, don an ce ruwan can da nisa.