Lamba ta Arba'in da Ɗaya

Auta ake ce mata a gida, a waje kuma mai hoto. Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinki, kuma yawancin aikinta hoton fasfo ne. Don haka da aka kira ta ta ɗauki hotunan ma'aikatan kamfanin sabulu, sai ta ji kamar an yi mata bushara. Yayarta ce ta haɗa ta da aikin. Shekara goma sha ɗaya Yaya tana tsaye a gaban injin yankan sabulu, kuma ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu.

Mata arba'in da biyu ne a sashen da Yaya take aiki. Kafin Auta ta ɗaga kyamara sai da ta karanta wa kowace takardar amincewa, wadda ta ce hotunan na katin shaida ne da kuma allon gargaɗin da za a liƙa a bango. Wasu sun yi ta noƙewa, sai da Yaya ta riƙa tsokanarsu, tana cewa ƙanwarta ba ta cizo, sannan suka sa hannu.

Kwana uku bayan nan ta kai wa manaja hotunan a ofishinsa. Ya jera su a kwamfuta, ya gyara zama, ya ce aiki ya yi kyau, saura abu guda: ta jera masa matan daga wadda ta fi kyau zuwa ta ƙarshe, ta ba kowace maki. Ai ita ce mai ido.

Auta ta yi ɗan murmushi, ta tambaye shi me za a yi da jerin. Ya ce allon gargaɗi mana.

Ta ce in dai allo ne, ya ba ta awa ɗaya. Ta ja kujera ta rubuta sharuɗɗa biyar a takarda, ta nuna masa kafin ta taɓa ko hoto ɗaya, don kada a ce ta zaɓi mutum sannan ta nemo dalili. Hoton ya fito tas, babu dishi-dishi. Safar hannu da takunkumi suna nan yadda doka ta ce. Ana ganin hannuwa da abin da suke yi. Akwai fili a gefe da rubutu zai zauna. Wadda ke cikin hoton kuma ta yarda a liƙa fuskarta a bango, domin mata shida katin shaida kawai suka amince da shi. Waɗannan ta ware su gefe tun farko. Kowane sharaɗi ta ba shi maki daga sifili zuwa biyu, sai na kayan kariya da ta ce duk hoton da ya faɗi a nan ya fita, ko da ya cinye sauran.

Da ta gama, hoton da ya zo na ɗaya na wata dattijuwa ne tana zuba sinadari, safa har gwiwar hannu. Na Yaya ya zo na huɗu, domin inuwar inji ta ɗan rufe hannunta na hagu. Auta ta bayyana masa cewa hotuna ta jera, kuma don wannan aikin kaɗai. In katin shaida ake so, sharuɗɗan za su canza, a nemi fuska a miƙe, haske daidai, bango fari. Dattijuwar nan ma ba za ta shiga ba, tunda takunkumi ya rufe mata rabin fuska.

Manaja ya daɗe yana kallon jerin. Daga baya ya fito da abin da ke ransa. Kamfani zai buɗe shagon nuna kaya a bakin titi, ana son mata takwas su koma can, da ƙarin albashi da fanka. Sabon inji kuma yana hanya, ba zai buƙaci hannaye da yawa ba.

"Ranka ya daɗe, wannan hoto ba zai faɗa maka ba," in ji Auta. "Ka ba kowace minti uku ta sayar maka da sabulu, ka ji wadda ta san kayan, wadda ta iya magana da mutane. Ni abin da suka sa wa hannu daban ne."

Ta ƙara masa da abin da ta sani na sana'arta. Waɗanda ta ɗauka da safe a bakin taga fuskarsu ta yi haske, waɗanda ta ɗauka bayan awa takwas a tsaye, ƙarƙashin farin kwan lantarki, duk sun fito kamar masu jinya. In aka ba da maki, taga da gajiya za a auna, sai kuma son zuciyar mai kallo. Kuma lamba in ta hau kan mutum ba ta sauka.

"Malama, hoto na kira ki ki ɗauka, wa'azi muna da masu yi," ya ce, yana dariya. Ya tuna mata cewa hotunan yanzu na kamfani ne. Ta ce kamfani ya mallake su ne don abin da aka rubuta a takarda. Ya ce ya ji, ya gode, ya raka ta har ƙofa da ladabi.

A ranar ta gaya wa Yaya komai. Yaya ta ce mata ta yi shiru, wanda ke cikin rami ba ya jifa sama.

Ba a yi mako biyu ba jerin kyawun matan ya fito. Manaja da abokansa biyu ne suka zauna suka yi abinsu, wani ya ɗauki hoton takardar, ta shiga wayoyi. Kafin tashi daga aiki kowace mace ta san lambarta. Da farko abin wasa ya zama, ana kiran juna 'yar bakwai, 'yar talatin. Daga baya aka daina gaisawa a wajen wanke hannu. Wata da ta zo ta uku, mijinta ya ga takardar ya hana ta komawa aiki. Yaya, mai tabon ƙunar sinadari a kumatu tun shekararta ta biyu a kamfanin, ita ce ta arba'in da ɗaya.

Auta ta rubuta wa mai kamfanin wasiƙa, ta haɗa da kwafin takardun amincewa. Ba a amsa ba. Ta je da ƙafarta sau biyu, mai gadi ya ce ba ya nan. Ta nemi matan su sa hannu a kai ƙara, uku suka yarda, washegari biyu suka janye. Wasu ma sun ɗauka ita ce ta yi jerin, tunda ita ta riƙe kyamara. Wata ta tare ta a tasha ta ce Allah ya isa.

Da injin ya iso aka sallami mata goma sha biyu, har da Yaya. Takardar sallama ta ce rage ma'aikata ne. Amma duk wadda ta duba wayarta ta ga daga ina aka fara ƙirga.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta je gidan Yaya. Ta same ta a tsakar gida tana wanke kayan makarantar yara, ta zauna ta karɓi ɗauraya. 

"Yaya, da ma ban karɓi aikin nan ba."

"Ni na kai ki," in ji Yaya, ba tare da ta ɗago ba. "Da ba ke ba, da wani ne."

Can Yaya ta tambaya ko a shagon hoto ana buƙatar mai yanka fasfo da almakashi. Auta ta san shagon ko ita kaɗai da ƙyar yake riƙewa. Ta ce ta zo ranar Litinin su gani. Yaya ta gyaɗa kai, ta miƙa mata wata riga, ta ce wuyan bai fita ba, ta sake cuɗawa.