Kuɗin Kai Turmi

Ɗantsoho masassaƙi ya yanka dala goma, wato sefa hamsin, kuɗin kai kowane turmi gidan mai saye, kusa ko nesa. A kasuwar Yekuwa ya faɗa, gaban jama'a, shekara biyu bayan babban fari. Ya ƙi jinin ciniki, ya fi son magana ɗaya.

Jibo mai amalanke kuwa, wanda Ɗantsoho ke biya ya kai turamen, bai yanka komai ba. Hanya yake dubawa, da nauyi, da rairayi, da tsadar harawar shanunsa. Ƙauyen kusa dala huɗu yake karɓa. Bayan Sassumbrum, talatin. Ribar Ɗantsoho a turmi ɗaya dala ashirin ce. Ya ɗauka rarar na kusa za ta toshe ramin na nesa.

Na kusa ba wawaye ba ne. Suka ce ba za su biya wa baƙo hanya ba, suka riƙa ɗora turminsu a jaki, wasu ma suna mirgina shi har ƙofar gida. Na nesa kaɗai suka rage masa. Cikinsu har da Mamuda, wani ɗan kasuwa mai zaƙin baki daga bayan Sassumbrum, wanda ke ɗaukar huɗu huɗu. Wata uku tsohon yana sassaƙa, tafin hannunsa duk kanta, ko kuɗin gyaran gizago bai gani ba.

Jibo ne ya fasa masa ƙwan, yana dariya. Ya ce Mamuda na sayar da turamen a can ƙasa da farashin kowa, har yana yi wa mutane alfahari cewa yana da tsoho a Yekuwa mai biya masa hanya.

Ɗantsoho ya jira ranar kasuwa. Da ta zo, ya sanar cewa daga yau kowa ya faɗi garinsu, Jibo ya faɗi kuɗin hanya, a ɗora kan kuɗin turmi. Ya san za a ce ya janye maganarsa, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi.

Da hantsi sai ga Mamuda, ya zaɓi turame shida, ya zube dala sittin na kaiwa a kan tabarma. Jibo ya ce ɗari da tamanin. Mamuda ya ɗaga murya don masu hatsi su ji, ya ce ashe furfura ma tana ƙarya, ya tambayi jama'a ko ba a nan aka ce goma ba. Wasu suka ce a nan ne.

Mamuda ya ce, "Baba, ka cika maganarka ko sau ɗaya ne, don girmanka."

Ɗantsoho ya tura kuɗin da ƙotar gizago har suka zube a ƙasa.

"Na faɗi goma, na kuma janye. Ba zan kai ba."