Kalandar Malam Namadi

Ƙarfe tara na safiyar Litinin, biyar ga Janairu, motar ma'aikatan riga-kafi ta bar ofishin wata ƙungiyar lafiya da ke Kaura Namoda, ta nufi Moriki. Mujahid, ƙanen Zuhura, shi ke tuƙi. A Zurmi jami'an tsaro za su tarye su su raka su, domin ƙungiyar ba ta yarda motarta ta bi wannan hanya babu rakiya.

Zuhura ce sakatariyar ofishin. Duk takardar da za ta je wa shugabanni a Gusau sai ta bi ta hannunta, ta auna ta da jerin abubuwa huɗu da ta manna a gefen tebur: alƙaluma, sunaye, kalmomi, kwanan wata. Wannan safiya takardar neman izinin zuwa Galadi ce a gabanta, wadda Malam Namadi, jami'in tsara tafiye-tafiye, ya rubuta.

"Hajiya alƙaliya, a yi mini sassauci," in ji Namadi, yana tsaye a kanta. "Kafin azahar suke son ta."

Ba ta ɗago ba. Ta haɗa yawan yaran ƙauyuka uku da ke cikin jadawali, ta samu dubu ɗaya da hamsin da bakwai. A shafin farko an rubuta da saba'in da biyar. Ta gyara. Ta gwada sunayen ma'aikata da kwafin katin shaidarsu ɗaya bayan ɗaya, duk daidai. A wani wuri an ce "jami'an tsaro", a wani an ce "'yan sa-kai".

"Su wa kake nufi, Malam? Ba wuri ɗaya ake neman su ba."

"Jami'an tsaro mana."

Ta mai da su kalma ɗaya. Saura kwanan wata. Ƙa'idarta ita ce ta gwada sunan rana da lambarta a kalandar kwamfuta. Takardar ta ce Alhamis, sha tara ga Janairu. Kalandar ta ce sha tara Litinin ce.

"Wace Alhamis?"

"Wannan mai zuwa, ranar kasuwar Shinkafi. Ga ta can."

Ya nuna sabuwar kalandar da wata Islamiyya ta ba shi, rataye a bayan kujerarsa. Zuhura ta tashi ta duba. Manyan lambobin na watan Musulunci ne, na boko kuwa ƙanana ne a kusurwa. Alhamis ɗin sha tara ce ga Rajab, amma takwas ce ga Janairu. A Gusau kuma da lamba ake cike fom ɗin neman rakiya, babu gurbin sunan rana.

Sai ta juyo wajen Namadi.

"Yaushe ka rataya wannan?"

"Juma'a."

"Takardar Moriki fa, yaushe ka rubuta ta?"

Namadi ya dafe kai. Ranar Juma'a Zuhura tana wajen suna, shi ya tura takardar da kansa.

Ta buɗe fayil ɗin. Litinin, sha shida ga Janairu. Amsar Gusau layi ɗaya ce: an amince, an nemi rakiya a ranar da aka ambata. Wato babu mai jiran su Mujahid a Zurmi sai nan da kwana goma sha ɗaya.

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Ta kira Mujahid, layin bai shiga ba. Ta sake. Ta kira Saudat, shugabar tawagar, wayarta a kashe. Namadi ya zauna a kan benci yana ta salati, hularsa a hannu. Zuhura ta san halin ƙanenta: ba ya son jira, musamman idan akwatin allurai na bayan mota ƙanƙara tana narkewa.

A kira na shida ya ɗauka. Tana jin ƙarar inji.

"Yaya Zuhura, lafiya?"

"Kuna ina?"

"Mun baro Zurmi yanzun nan. Mun jira ba su zo ba, na ce ƙila sun yi gaba, mu cim musu."

"Babu kowa a gaba. Ka juya."

"Haba Yaya, ai Malam Namadi ya ce..."

"Mujahid, ka juya yanzu!"

Layin ya katse. Ta riƙe wayar a kunne duk da haka. Namadi ya kira Gusau yana bayani. Minti goma sha biyu suka wuce. Ta san haka ne saboda ba ta ɗauke ido daga agogon ba.

Wayar ta yi ƙara. Saudat ce, da lambar wani ma'aikacin asibiti.

"Mun dawo Zurmi, mun sa alluran a firji. Tun da muka fita daga garin ko babur ɗaya ba mu gamu da shi ba. Ni dai jikina bai ba ni ba."

Zuhura ta ce to, ta ajiye wayar. Ta koma kan takardar Galadi, ta goge sha tara, ta rubuta takwas. Sannan ta sa Namadi ya kwaso duk abin da ya tura tun Juma'a, ta fara daga ta sama.