Kabad ɗin Gurbin Bore

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, a tsakiyar damina, Armiya'u kafinta ya gama kabad ɗin da bai taɓa yin irinsa ba a Kaura Namoda. Tsayinsa ƙafa bakwai, faɗi shida, zurfi biyu, ƙofa uku da madubi a tsakiya. Katakon maɗaci ne zalla, nauyinsa ya fi buhun gero biyu. Da yake ya san hanyar Gurbin Bore, da sukurori ya ɗaure shi, yadda zai kwance gida takwas, a mayar cikin awa ɗaya.

Hajiya Tasalla, mai kayan, ta ce atafau. Na ɗakin 'yarta ne, ita kuwa mace ce da ta fi tsoron bakin mutane a kan komai.

"In anka kawo shi gutsi-gutsi, cewa za a yi kwance na saye ma ɗiyata. Tsaye nika son ya shiga gari, kowa shi gani."

"Hajiya, ruwa na bisa hanya. Mota ba ta ƙetare rafin ga."

"To mi an amfanin maza?"

Armiya'u ya amince. Ga shi da gwaninta a hannu, amma bai iya musu da babba ba.

A-kori-kura ta wuce Zurmi da hantsi, ɗauke da kabad ɗin da Armiya'u da masu taya shi, ta sauke su a bakin rafin da ke kusa da Gurbin Bore. Ruwan iya gwiwa ne, sai dai ya yi ja, yana tafe da kara da kumfa. Ko yaro ya san an yi ruwa a sama ke nan, kuma yana nan tafe. A can tsallake kuwa har mata sun taru suna guɗa.

Muhtari wan Armiya'u, wanda ya koya masa riƙon zarto, ya dubi ruwan ya dube shi.

"Mu kwance shi, ƙanena. Kowa shi ɗauki falle guda."

Armiya'u ya hango Hajiya a tsallake tana ɗaga musu hannu. Kunya ta rinjaye shi.

"Mu yi sauri dai, Yaya."

Su shida suka cicciɓe shi a kwance bisa kawunansu. Muhtari ya ture ƙanen ya karɓi gefen da ruwa ke gangarawa. A tsakiya ruwan ya kai ƙugu, kafin taku biyar ya kai ƙirji. Yashi ya zame a ƙarƙashin na gaba, kabad ya karkata, ruwa ya sami faɗin nan ƙafa shida ya danna. Guɗa ta tsaya.

Mutum biyar suka fito.

Da la'asar aka tsinci kabad ɗin a wata kwana, saiwar ɓaure ta tare shi. Armiya'u, da ya wuni yana bin gaɓa yana kiran sunan wansa har muryarsa ta dushe, ya tsuguna ya shafa katakon. Ko sukuru ɗaya bai saki ba, madubin ma bai tsage ba.