Babur Ɗin da ke Bayan Hoto

Mai Guga ya samu aikin wanke zannuwan gado na wani masauki, abin da ya daɗe yana roƙon Allah. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: masaukin yana can ƙarshen gari, shi kuwa keke gare shi, kullum sai baƙi sun iso kafin zannuwa su iso. Matar da ke kula da ɗakunan ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba, in mako ya fita bai gyara ba, za ta nemi wani.

Ana haka sai ƙanin matarsa, wanda ke zaune a wani gari, ya turo masa hoton babur a waya. Ja ne wur, yana sheƙi, an manna lambar ƙarfin inji, 150, ɓaro-ɓaro a jikin tanki. Ya ce mai shi na neman amsa yau, kuma shi ya riga ya yi wa mutumin alkawari da bakinsa. Mai Guga ya kalli hoton har wuyansa ya ƙage. A ransa har ya hau, har ya yi wa maƙwabta ham.

Amma ba a sayen kifi a ruwa. Ya rufe shago ya tsallaka garejin Baƙin Mai, bakaniken da suka tashi tare, wanda bai taɓa yabon abin hawan kowa ba. Ya same shi tsugune gaban wani inji. Baƙin Mai ya goge yatsu biyu a wando, ya karɓi wayar, ya ja hoton ya faɗaɗa. Ko kallon tankin bai yi ba, ƙasa ya nufa.

"Ka duba lambar mana," in ji Mai Guga.

"Lamba ai takarda ce. Ko a goshinka na manna ta, ba za ka yi gudu ba."

Ya nuna masa salansa, bututun hayaƙi, yadda ta kumbura a tsakiya kamar macijin da ya haɗiyi kwaɗo. Ya nuna masa kan injin, a shafe, fulogi tsaye a tsakiyar ka, babu murfin bawul. Ya ce wannan tsohon samfuri ne da su bakanike ke kira Mai Tumbi, irin wanda ke ƙona man inji tare da fetur, an dai ɗora masa tankin wani aka yi masa kwalliya. Gudu kam akwai. Amma yana shan fetur kamar an aiko shi, a cunkoso fulogi ya yi ta toshewa, kayan gyaransa kuma sai an yi cigiya. Bayansa a ɗage, babu kariya ta ɗora kaya, babu inda za a kafa akwati.

"Ga hayaƙi shuɗi yana bin bayanka. Farin zane za ka kai wa mutane, ko tsumman gareji?"

Mai Guga ya sake leƙa hoton. Ya ce to yanzu ya zai yi da suruki, ga mako na tafiya. Baƙin Mai dai yana ta tura hoton gefe da babban yatsa. Can a kusurwa, bayan jan, rabin wani babur ya leƙo, jingine da bango, baƙi, duk ƙura. Kujerarsa doguwa a miƙe, kariyar ƙarfe ɗaure da igiyar roba, sarƙa a rufe cikin gidanta. Baƙin Mai ya ce wannan shi ne Jakin Gari, irin wanda masu haya ke hawa, man injinsa daban fetur daban, cinsa kaɗan, kayansa a kowane shago.

"Ka ga igiyar nan? Da wannan mutumin yake fita kullum. Jan nan ado ne, ciyar da shi ya gagare shi. Ka tambayi na baya."

Mai Guga ya kira surukin. Shi kuwa ya hau faɗa, wai za a ba shi kunya, ya samo wa yaya doki ana tambayarsa akuya. Mai Guga ya lallaɓa shi har ya miƙa wa mai babur wayar. Mutumin ya yi dariya, ya ce wancan ba na sayarwa ba ne. Da ya ji ba za a taya jan ba ko da wasa, sai ya ce to, komai da farashinsa. Baƙin Mai ya sa baki daga gefe, ya ce a tayar da shi da safe injin na sanyi, a ɗauko musu a waya su ji ƙararsa su ga salansa, a kuma haɗa lambar jikinsa da ta takardu.

Kafin mako ya fita, Jakin Gari ya iso a bayan mota. Mai Guga ya wanke shi, ya kafa akwati, ya kai zannuwa tun ana sharar ɗakuna. Matar masaukin ta shinshina na sama, ta ƙara masa da wankin labule.

Surukin kuwa, don kada a ce ya yi magana biyu, shi ya sayi jan. Ranar da ya kawo wa yayarsa ziyara a kansa, da turi ya shigo layin.